Kuɗinka a Cikin Waya: Buɗe Manhajar Banki da Lambobin da Ba a Faɗa wa Kowa

A farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a kasuwanni. Mai shayi, mai nama, mai kayan miya, har da dattawan da suka sha alwashin ba za su taɓa ajiya a banki ba, duk dole ta sa suka koma karɓar kuɗi ta waya. Da yawa daga cikin asusun da aka buɗe a wancan lokaci a tsaitsaye aka buɗe su, a rumfar mai POS ko a shagon mai cajin waya. Wani ne ya riƙe wayar, wani ne ya danna, wani lokaci ma shi ya zaɓi lambar sirrin ya karanta wa mai asusun a gaban jama'a. Har yau akwai masu amfani da wannan lambar ba su canja ta ba.

Akwai ƙa'ida guda da nake so mai karatu ya riƙe kafin mu shiga bayanin matakai. Wanda zai turo maka kuɗi abu biyu kaɗai yake buƙata: lambar asusunka, wadda take da alƙaluma goma, da sunan bankin. Da ya sa su, sunanka zai fito masa a waya, ya tura. Duk wata lamba da aka nema bayan waɗannan, ba ta shigo da kuɗi ba ce, ta fitar da su ce. Ko tallafin gwamnati aka ce, ko bashi, ko kyauta, ko kuɗin da aka ce an turo maka bisa kuskure, ƙa'idar ba ta canjawa.

Layin waya ne tushe

Mutane kan ɗauka manhajar ce asusun. A gaskiya layinka shi ne ginshiƙin komai, domin ta nan banki yake gane ka. Duk saƙon tabbatarwa ta layin zai zo, kuma a wasu manhajoji irin su OPay da PalmPay lambar wayar ce ma lambar asusun, an dai cire sifirin farko. Saboda haka kafin ka sauke komai, ka tabbata layin da sunanka aka yi masa rajista, kuma da lambarka ta NIN aka haɗa shi. Layin da ka saya a bakin hanya da rajistar wani, ko wanda ƙaninka ya bar maka, kada ka ɗora kuɗinka a kai. Ranar da ya ɓata, kamfanin waya ba zai sabunta maka shi ba, domin a takardunsu ba kai ne mai shi ba. Wanda sunansa ke kai kuwa yana iya zuwa ya yi walkam-bak, ya karɓi sabon sim, saƙonnin bankinka su koma hannunsa.

Daga nan sai sauke manhaja. A Play Store ko App Store ake ɗaukarta, ba a wani wuri ba. Al'adar nan ta "turo min ta Xender", ko danna wani adireshi da aka watsa a zauren WhatsApp, ita ce hanyar da manhajojin bogi suke shiga wayoyin mutane. Irin waɗannan sukan zo da tambari da launi iri ɗaya da na bankin gaske, aikinsu kawai su kwashe abin da ka rubuta. Ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar, ka duba yawan waɗanda suka sauke ta. Bankin da ke da miliyoyin kwastomomi ba zai kasance da manhajar da mutum ɗari biyar suka sauke ba.

Rajistar kanta ba ta da wuya. Za ka sa lambar wayarka, a aiko maka da saƙo mai ɗauke da wasu alƙaluma, galibi shida, waɗanda ake kira OTP, ka shigar da su. Sai a nemi BVN ko NIN, kowacce tana da alƙaluma goma sha ɗaya. Tun ƙarshen 2023 Babban Banki ya wajabta cewa ko ƙaramin asusu ne sai an haɗa shi da ɗaya daga cikinsu, manyan kuma sai da duka biyun. Idan ka manta BVN, danna `*565*0#` a layin da ka yi rajistarta da shi, ta NIN kuma `*346#`. Yawancin manhajoji za su ce ka kalli kyamara, ka ƙifta ido ko ka juya kai, don su tabbatar mutum ne mai rai, ba hoto ba. A ƙarshe za a ce ka ƙirƙiri abu biyu: kalmar sirri ta shiga manhajar, da PIN na tura kuɗi. Kada ka yi musu lamba ɗaya. An raba su ne don idan wani ya hango ɗaya, ɗayar ta tare shi.

Ba laifi ba ne a taimaka maka, ba kowa ne ya saba da waya ba. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, lambar waya da imel ɗin da aka rubuta su zama naka. Wasu masu taimako sukan sa nasu imel don a yi sauri, su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, domin ta nan ake sabunta kalmar sirri idan an ce an manta. Na biyu, da an iso wurin PIN, ka karɓi wayarka, ka juya baya, ka danna da hannunka. Kunya ce take hana mutane yin haka, suna ganin kamar sun zargi wanda ya yi musu alheri. Mai taimakon kirki da kansa zai miƙo maka wayar ya kau da kai. Wanda ya ɓata rai don ka ɓoye masa lambar, to, ka gode Allah da ka ɓoye.

Wace lamba za ka zaɓa?

PIN mai alƙaluma huɗu yana iya zama ɗaya daga cikin lambobi 10,000, daga 0000 zuwa 9999, kuma manhaja takan kulle bayan an yi kuskure 'yan lokuta kaɗan. A lissafi, ɓarawon da ke cinke kusan ba shi da rabo. Matsalar ita ce mutane ba sa zaɓar lamba da ka, abin da ya fi sauƙin tunawa suke ɗauka. A shekarar 2012 wani masanin alƙaluma mai suna Nick Berry ya binciki lambobin sirri masu alƙaluma huɗu kusan miliyan 3.4 da suka fallasa a intanet. Ya tarar kusan kashi 11 cikin ɗari 1234 ne, sai 1111 da 0000 suka biyo baya, kuma lambobi ashirin kacal sun ɗauke fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duka. Har 2580, wadda mutum zai ga kamar ya yi dabara, tana kusa da sahun gaba, don ita ce layin tsakiya na madannan waya daga sama zuwa ƙasa. Lambobin da suka fara da 19 ma sun yi yawa, wato shekarun haihuwa.

Shekarar haihuwa ita ce ta fi damuna a wajenmu. Tana rubuce a katin zaɓe da lasin tuƙi, waɗanda sau da yawa suna cikin aljihu ɗaya da katin banki, wasu ma a bayan kwabar wayar suke soke su. Wanda ya ɗauki wayar ya ɗauki amsar tare da ita. Haka alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar wayarka, da lambar babur ko mota, da shekarar aure ko ta haihuwar ɗan fari. Duk abin da maƙwabcinka zai iya sani game da kai, bai dace da PIN ba.

Hanya mai sauƙi ita ce ka haɗa lambobi biyu da ba su da dangantaka, waɗanda kai kaɗai ka san dalilinsu kuma ba a rubuce suke a wata takarda ba. Misali, lambar kujerar da ka zauna a wata jarabawa tun kana yaro, da kuɗin da ka sayi akuyarka ta farko. Ka maimaita ta a zuci na kwana biyu, ka yi amfani da ita sau uku ko huɗu a ranar farko, za ta zauna. Idan dole sai ka rubuta, to a takarda, a ajiye a gida cikin akwati, ba tare da an rubuta sunan banki a gefenta ba. Kada a rubuta a bayan katin, kada a adana ta a jerin sunayen waya da suna "fin ɗina". Kuma lambar buɗe fuskar waya ta bambanta da ta tura kuɗi, domin ta buɗe waya kana danna ta sau da yawa a rana, a mota, a masallaci, a gaban kowa.

Akwai wani makulli da mutane kaɗan ne suke sa wa, alhali shi ne yake tare ɓarawon waya: PIN na sim. Ɓarayin waya na yanzu ba sa wahalar da kansu wajen buɗe wayar. Sim ɗin suke zarewa su sa a wata 'yar ƙaramar waya. Daga nan su danna `*565*0#` su ga BVN, su bi lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya, `*737#`, `*894#`, `*901#`, `*919#`, `*966#`, har su gano inda kake da asusu. A wasu bankunan sayen katin waya zuwa layin da ke kan asusun ba ya buƙatar PIN, sai su fara da wannan. Idan kuma sun haɗa da katin banki, suna iya gwada sabunta PIN da alƙaluman da ke jikinsa, saƙon tabbatarwa kuma hannunsu zai faɗo. Idan ka kulle sim, da an sa shi a wata waya zai nemi lamba kafin ya kama sabis. Ana kunna wannan a saitin tsaro na wayar, wurin da aka rubuta `SIM card lock` ko makamancin haka. Za a fara tambayarka lambar da sim ɗin ya zo da ita daga kamfani, don haka ka tambayi kamfanin layinka tukuna, kada ka yi cinke. Kuskure uku yana kulle sim, sai da lambar PUK mai alƙaluma takwas da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, kuma kuskure goma a PUK yana kashe shi gaba ɗaya. Ka nemo wannan katin ka adana kafin ka fara.

Ƙaramin gyara na ƙarshe: ka hana saƙonni bayyana a fuskar waya idan tana kulle. In ba haka ba, wanda ka bar wa waya a wurin caji yana iya karanta OTP ba tare da ya buɗe ta ba.

Yadda kiran yake zuwa

Yawancin kuɗin da ake kwashewa ba fasa manhaja ake yi ba, mai asusun ake lallaɓa ya buɗe da bakinsa. Mu ɗauki misalin wani mai sayar da hatsi da ke da naira 184,000 a asusu, kuɗin buhunan da ya sayar ranar kasuwa. Da yamma, bayan an rufe bankuna, waya ta yi ƙara. Mai kiran yana da ladabi, Hausarsa tsaf.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Alhaji ne? Daga babban ofishin bankinku nake kira."

Sai ya faɗi cikakken sunan Alhaji da ranar haihuwarsa, har da sunan unguwarsu. A nan ne zuciya take kwanciya, domin mutum zai ce wa zai san wannan in ba banki ba? Amma waɗannan bayanai ba su da wuyar samu. Suna jikin fom ɗin neman tallafi da aka cike a wani shafin bogi, suna jikin kwafin katin shaida da aka bari a shagon hoto, kuma duk wanda ya sa lambar asusunka kamar zai tura kuɗi zai ga cikakken sunanka.

"Alhaji, an samu matsala tsakanin BVN ɗinka da NIN. In ba a gyara yau ba, ƙarfe shida za a rufe asusun, kuma sai ka je Abuja kafin a buɗe. Amma kada ka damu, zan gyara maka daga nan. Ka ga, ni ba zan tambaye ka PIN ba, kada ma ka faɗa wa kowa. Wani saƙo zai shigo yanzu, lambar ciki kawai za ka karanto min."

Ga abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren. Mai kiran ya sauke manhajar bankin ta gaskiya a tasa wayar, ya sa lambar Alhaji, ya danna cewa ya sauya waya ko ya manta kalmar sirri. Banki, don ya tabbatar mai layin ne, sai ya aika OTP zuwa wayar Alhaji. Shi ya sa saƙon yake zuwa da sunan bankin, a jerin saƙonnin da aka saba gani, domin da gaske daga bankin yake. Abin da ya rage wa ɓarawo shi ne alƙaluman nan shida, kuma 'yan mintoci kaɗan suke yi kafin su lalace. Wannan ne dalilin gaggawar da tsoratarwar. Da Alhaji ya karanto su, asusun ya buɗe a wayar wani.

Saura PIN na tura kuɗi. Sai a ce, "Alhaji, don mu tabbatar kai ne, ɗauko katinka ka karanto min lambobin gaba, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya." Ko a ce wani saƙo na biyu zai shigo. Na biyun shi ne na sabunta PIN. Daga nan sai a roƙe shi ya kashe wayarsa na minti talatin "don na'ura ta kammala aiki". Cikin wannan rabin awa ake fitar da kuɗin kashi-kashi, dubu hamsin nan, dubu arba'in can, zuwa asusu daban-daban, a cire su a wurin masu POS. Wayar a kashe take, alat ba ya shigowa. Ko da ya kunna, saura naira ɗari da 'yan kai.

A wurare uku Alhaji zai iya gane su. Banki ba ya kira ya nemi a karanto masa OTP, ma'aikacin gaske ba ya buƙatarsa, kuma saƙon da kansa yakan zo da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, sai dai da Turanci ne, cikin ruɗewa kuma ido lambar kawai yake nema. Gyaran BVN ba a yin sa ta kiran waya, a reshen banki ake yi da takardu. Sannan duk wanda ya ce kada ka katse, kada ka tambayi kowa, ko ka kashe waya, yana tsoron ka samu wanda zai farkar da kai ne. Abin yi shi ne ka ce, "Na gode, zan je reshe da kaina," ka katse. Ba rashin mutunci ba ne. Idan hankalinka bai kwanta ba, kira lambar da ke bayan katinka, kai ne za ka kira, ba su ba.

Game da BVN da NIN, mutane sukan rikice, tunda an ce kada a bayar, ga shi kuma manhaja ta nema. Bambancin shi ne wa ya fara neman wani. Idan kai ka buɗe manhajar gaskiya ko ka shiga reshe da ƙafarka, babu laifi. Idan aka biyo ka da kira, ko saƙo, ko fom a WhatsApp, kada ka bayar. BVN ita kaɗai ba ta fitar da kuɗi, amma da ita ake tattara bayanan da za a yaudare ka, kuma ana iya gwada buɗe asusu ko cin bashi da sunanka. Masu biyan mutane 'yan dubbai don su karɓi NIN ɗinsu ko su buɗe asusu da sunansu, asusun da za a zuba kuɗin sata suke nema. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawun kuɗin, ƙofar mai sunan za su ƙwanƙwasa.

A wurin mai POS kuwa, ka dubi adadin da aka rubuta a fuskar na'urar kafin ka danna PIN, ka rufe da ɗaya hannun, kuma kada katin ya bar idonka. Hoton gaba da baya na kati ya ishi wani ya yi sayayya a wasu shafukan intanet. Kiran lambar da baki don mai na'ura ya danna maka, ko aiken yaro da kati da PIN, bayar da asusu ne kacokan.

Abin da ya fi wuya shi ne na cikin gida. Akwai iyayenmu da ba sa gani sosai ko ba sa karatun boko, kuma ba gaskiya ba ne a ce musu kada kowa ya taimake su. Shawarata ita ce a tsayar da mutum ɗaya amintacce, ba duk wanda ke kusa ba, ya riƙa yi a gaban mai kuɗin. A kunna amfani da zanen yatsa idan wayar tana da shi, don Baba ko Inna su tabbatar da kansu ba sai an furta lamba ba. A rage iyakar abin da za a iya turawa a rana, yawancin manhajoji suna da wurin yin haka. Babban ajiya kuma, kuɗin Hajji ko na gona, a bar shi a wani asusu da ba a haɗa shi da waya ko kati ba.

Idan abin ya riga ya faru

Alamun sukan zo kafin asarar ta yi nisa: OTP ya shigo alhali ba ka nemi komai ba, saƙo ya ce an shiga asusunka daga sabuwar waya, an cire kuɗin katin wayar da ba ka saya ba, ko layinka ya ɗauke ɗif alhali na kusa da kai masu layi irin naka suna da sabis. Wannan na ƙarshen yana iya nufin wani ya sabunta sim ɗinka.

Fara da rufe asusun, kafin neman wayar, kafin zuwa wurin 'yan sanda. Bankuna da yawa suna da lambar rufewa da ake dannawa daga kowace waya, ko ta maƙwabci: na Zenith `*966*911#`, na Access `*901*911#`. Ka nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda tare da lambar kiransu ka ajiye a gida, domin ranar da aka sace wayar ba za ka iya duba ta a cikinta ba. Daga nan ka je ofishin kamfanin layinka da NIN a toshe tsohon sim a ba ka sabo, sannan ka canja kalmar sirri da PIN duka. Kada ka nemi lambar masu kula da kwastoma a Facebook, kada kuma ka rubuta kokenka a ƙarƙashin wani shafi. Akwai shafukan bogi masu tambarin bankuna da ke jiran irin wannan, su biyo ka da alƙawarin dawo da kuɗin, su nemi OTP a karo na biyu.

Ka kai ƙorafi ga bankin a rubuce, da ranar da lokacin da adadin kowane kuɗi da ya fita, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin. Sauri yana da tasiri, domin idan kuɗin suna nan a asusun da aka tura su, bankinka yana iya neman ɗaya bankin ya riƙe su, amma da an cire su tsaba dawo da su yana da wuya ƙwarai, musamman idan da bakinka ka bayar da lambar. Duk da haka ka faɗi gaskiyar yadda abin ya faru, kada kunya ta sa ka ɓoye cewa ka karanto OTP, domin wannan bayanin ne zai nuna musu inda za su toshe. Idan mako biyu suka wuce bankin bai ba ka gamsasshiyar amsa ba, kana da damar kai ƙarar gaba zuwa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin Najeriya, tare da lambar shaidar da bankin ya ba ka.